Yadda Ma'aikaci a Saudiyya Zai Zuba Ajiyarsa a Hannun Jari: Wata-Wata ko Gaba Ɗaya, da Lokacin da Zai Dakata

Mutumin da ke karɓar albashi duk ƙarshen wata a Jidda ko Riyad, yana cire wani abu ya sayi hannun jari, ba shi da zaɓi tsakanin saye kaɗan-kaɗan da saye gaba ɗaya. Kuɗin wata-wata suke zuwa, wata-wata zai zuba su. Wanda ya ce bari ya tara na shekara guda tukuna sannan ya zuba a dunƙule, jinkiri kawai ya yi wa kansa. Tambayar tana tasowa ne idan akwai kuɗi a dunƙule a hannu: ajiyar shekaru da ke kwance a banki, kwasar adashi, kuɗin wani fili da aka sayar a gida, ko haƙƙin ƙarshen aiki. A nan ne mutum zai zauna ya yi lissafi.

Ma'aikacin da ke ƙasar waje kuma yana da wata matsala da ɗan ƙasa ba shi da ita. Zamansa yana rataye da igama, wato katin izinin zama, igama kuma tana rataye da kafili, wato mai ɗaukar nauyinsa a wurin aiki. Ranar da aiki ya ƙare, albashi da gida da izinin zama suna iya tafiya tare. Saboda haka babban haɗarinsa shi ne a tilasta masa sayar da jarinsa a ranar da farashi ke ƙasa, don yana buƙatar kuɗin tikiti ko na asibitin mahaifiyarsa. Duk matakan da ke tafe an gina su ne don kauce wa wannan rana.

Mataki na farko: ware abin da ba zai shiga kasuwa ba

Mu ɗauki misalin ma'aikacin gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda. Albashinsa riyal 4,500. Yana kashe 1,700 a kansa, yana aika 1,500 gida, 1,300 na saura. Cikin shekaru ya tara riyal 45,000 a banki.

Kuskuren farko shi ne ya ɗauki 45,000 ɗin duka a matsayin jari. Kafin ya sayi komai, zai ware kuɗin ko-ta-kwana: kuɗin wata shida na duk abin da ya wajaba a kansa, har da na gida. Mutane da yawa suna lissafa nasu cin da haya su manta da na iyali, alhali yaran da ke Kano ko Maraɗi ba za su daina cin abinci don albashi ya tsaya ba. Wato 3,200 sau shida, riyal 19,200. A ƙara kuɗin tikitin komawa gida, mu ce 1,800. Jimla 21,000. Wanda iyalinsa ke tare da shi a Saudiyya sai ya ƙara kuɗin da gwamnati ke karɓa a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarsa, riyal 400 a wata, da tikitin kowa.

Wannan 21,000 ba a zuba ta ko'ina. Tana zaune a riyal, inda hannu zai kai gare ta cikin kwana ɗaya. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986, don haka ajiyar riyal kamar ajiyar dala ce. Amma kada a bar ta duka a asusu ɗaya na Saudiyya, domin idan igama ta ƙare ba a sabunta ba, banki na iya rufe asusun har sai an kawo sabuwa, kuma daidai lokacin ne ake buƙatar kuɗin. A ajiye kamar kuɗin wata biyu a wani wuri dabam, misali asusun dala a bankin gida da sunanka.

Bayan wannan, a cire duk kuɗin da aka san za a kashe cikin shekara uku masu zuwa: aure, rufin gida, kujerar Hajjin mahaifi, kuɗin makarantar da aka riga aka sa wa rana. Kasuwar hannun jari tana iya faɗuwa ta daɗe ba ta tashi ba. Ma'aunin S&P 500 na manyan kamfanonin Amurka ya zube da fiye da rabi tsakanin Oktoba 2007 da Maris 2009, bai kuma koma inda yake ba sai 2013. Kuɗin da ba za a iya mantawa da su shekara biyar zuwa sama ba, ba na wannan kasuwa ba ne.

A misalinmu babu aure babu gini a gaba, don haka abin da ya rage na zubawa riyal 24,000 ne, dala 6,400. Daga rarar albashi kuma zai ware 750 duk wata, dala 200, ya bar 550 don hidimar Sallah, zakka da abin da ba a rasa ba.

Mataki na biyu: abin da za a saya, da inda za a ajiye shi

Duk lissafin da ke ƙasa yana aiki ne a kan asusu mai faɗi wanda ya tattara ɗaruruwan kamfanoni, irin wanda ake gani da sunan ETF a manhajar dillali. Saye wata-wata a kamfani guda ɗaya ba kariya ba ce, domin kamfani ɗaya yana iya faɗuwa ya ƙi tashi har abada, kai kuma kana ta ƙara zuba kuɗi a rami. Ga mai kiyaye shari'a akwai asusun da aka tace, aka fitar da bankunan ruwa, giya, caca da kamfanonin da bashi ya yi wa yawa. Misali iShares MSCI World Islamic da ake sayarwa a kasuwar Landan, ko SPUS da HLAL a Amurka.

Akwai bambanci tsakanin su da ya shafi aljihu. Asusun da aka yi wa rajista a Amurka, ana cire kashi 30 cikin ɗari na rabon ribar da ake biyan wanda ƙasarsa ba ta da yarjejeniyar haraji da Amurka, kuma Najeriya da Nijar da Saudiyya duk ba su da ita. Haka nan idan mai jarin ya rasu yana da dukiyar Amurka da ta haura dala 60,000, harajin gado na Amurka zai iya hawa kanta. Asusun da ke da rajistar Ayalan, wanda za ka ga UCITS a sunansa, kashi 15 ake cirewa daga rabon ribar kamfanonin Amurka da ke cikinsa, kuma ba ya shiga wancan harajin gado. Ga ƙaramin jari bambancin ba shi da yawa, amma ga mai niyyar shekara goma sha biyar, gara ya fara da daidai.

Kada jarin duka ya tafi kasuwar Saudiyya, Tadawul. Albashinka ya riga ya dogara da tattalin arzikin ƙasar. Idan mai ya faɗi, kwangiloli suka tsaya, aikinka da jarinka za su girgiza a lokaci guda.

Kafin ka tura ko riyal ɗaya, ka tambayi dillalin a rubuce: idan na bar Saudiyya na koma Najeriya ko Nijar, asusun zai ci gaba, ko dole na rufe? Asusun jari da aka buɗe ta bankin Saudiyya da igama yawanci yana tafiya da igamar. Idan amsar ita ce dole a rufe, to ka sani ranar tafiyarka ita ce ranar sayarwarka, ko kasuwa tana sama ko tana ƙasa, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa ka nemi dillalin da ke karɓar mazauna ƙasarka. Ka duba rajistarsa a shafin hukumar da ke sa ido, ba a hoton takardar da wani ya turo a waya ba. Duk wanda ya yi maka alƙawarin riba tsayayya duk wata, ka tuna yadda MMM ta ƙare a Najeriya a ƙarshen 2016. Sannan ka lura da lambar wayar da saƙon sirri ke zuwa. Layin Saudiyya yana haɗe da igama, in ya mutu kana gida, shiga asusunka zai zama aiki. Ka haɗa asusun da imel da manhajar tantancewa tun yanzu.

Mataki na uku: lissafin 24,000, hanya biyu

A ce farashin kaso ɗaya na asusun riyal 100 ne yau. Wanda ya zuba gaba ɗaya ya sami kaso 240. Wanda ya raba gida shida yana sayen na riyal 4,000 duk wata. Waɗannan farashin na misali ne, don a ga yadda abin ke aiki.

Idan kasuwa ta yi ta hawa a hankali, 100, 102, 104, 106, 108, 110, mai rabawa zai tashi da kaso kusan 229, domin duk wata 4,000 ɗinsa tana sayen ƙasa da na watan baya. A wata na shida jarin mai zubawa gaba ɗaya ya kai 26,400, na mai rabawa 25,170. Rabawar ta ci masa kimanin riyal 1,230.

Idan kasuwa ta faɗi ta dawo, 100, 90, 80, 80, 90, 100, labari ya juya. A watannin 80, riyal 4,000 tana sayen kaso 50 maimakon 40. Mai rabawa ya tashi da kaso kusan 269, darajarsu 26,890, shi kuwa na farko yana nan a 24,000 ɗinsa. Amma abin dubawa a nan shi ne wata na uku. A ranar, mai zubawa gaba ɗaya zai buɗe waya ya ga 19,200. Riyal 4,800 sun ɓace a allo, fiye da albashinsa na wata guda, guminsa na kwana talatin a kan rufin gidaje cikin zafin Jidda. Idan ya daure, bai yi asarar komai ba. Idan ya firgita ya sayar, asarar ta tabbata, kuma mafi yawan masu yin haka ba sa komawa kasuwa sai ta riga ta tashi.

Idan kuma ta faɗi ta zauna a ƙasa, 100, 95, 90, 85, 80, 80, dukansu sun yi asara: na farko yana da 19,200, na biyu kusan 21,890. Rabawa tana rage zafin faɗuwa, ba ta hana ta. Kuma daga wata na bakwai dukansu kuɗinsu duka yana cikin kasuwa, duk abin da ya zo zai same su daidai wa daida. Mutane suna mantawa da wannan, suna ɗauka saye wata-wata wani laya ne da ke tsare jari har abada, alhali kariyarsa ta watannin shiga ce kawai.

Wanne ya fi faruwa? Kamfanin Vanguard ya duba tarihin kasuwannin Amurka, Birtaniya da Ostareliya a 2012, ya gano zubawa gaba ɗaya ta fi rabawa a kusan kashi biyu cikin uku na lokutan da aka gwada. Dalilin a bayyane yake: kasuwa ta fi yawan hawa a kan sauka, kuɗin da ke jira a gefe kuma ba ya cin wannan hawa. A lissafi zalla, gaba ɗaya ta fi. Rabawa kamar kuɗin kariya ce da kake biya don kada ka shiga da ƙafar hagu ka kasa daurewa.

Mataki na huɗu: yanke hukunci

Ka zuba gaba ɗaya idan abubuwa huɗu sun haɗu: kuɗin ko-ta-kwana ya cika, igama da kwangila suna da aƙalla shekara guda a gaba, asusun jarin zai bi ka gida, kuma kuɗin dunƙulen bai fi abin da kake iya tarawa a shekara ɗaya ba. Sharaɗi na ƙarshe shi ne ma'aunin da ya fi amfani. Mutuminmu yana zuba 750 a wata, 9,000 a shekara. Da dunƙulen 8,000 ne, babu dalilin wahalar da kai, a zuba yau, sayayyar watanni masu zuwa za ta daidaita farashin da kanta. Amma 24,000 ta kusa tarin shekara uku, kuma bai taɓa ganin jarinsa ya faɗi ba. Irinsa ya raba.

Rabawar tana da ƙa'ida. Wata shida ya isa, kada ta wuce goma sha biyu, domin duk tsawon jira yana ƙara abin da ake rasawa. A rubuta ranakun tun farko, misali kwana uku bayan shigar albashi, a rubuta adadin, a kuma saya ranar ko labarai sun ce me. Wanda ya ce zai raba amma zai duba yanayi kowane wata, ya koma hasashen kasuwa, kuma yawanci shekara za ta zagayo kuɗin na kwance a banki. Akwai hanya ta tsakiya da ke yi wa mutane da yawa daidai: rabi yau, 12,000, sauran rabin a wata shida, 2,000 duk wata tare da 750 na albashi.

Mataki na biyar: kuɗin turawa da na dillali

A nan ne ƙananan masu ajiya ke zubar da riba ba su sani ba. A ce duk saye ɗaya, tsakanin kuɗin tura kuɗi zuwa dillali da ladansa, ana cire riyal 30 tsayayyu. A kan 4,000 wannan bai kai kashi 1 cikin ɗari ba. A kan 750 kashi 4 ne, kafin jarin ya motsa. Riyal 360 a shekara, kusan rabin sayayyar wata guda.

Ƙa'idar ita ce duk abin da ake cirewa a saye ɗaya kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari. Idan kuɗin tsayayye 30 ne, mafi ƙarancin saye 3,000 ne, wato mutuminmu ya tara 750 na wata huɗu ya tura sau ɗaya, sau uku a shekara. Tsarin bai lalace ba, tazarar ce ta faɗaɗa. Sai dai a cire 750 ɗin daga asusun albashi ranar da ya shigo, a kai wani asusu dabam, domin kuɗin da ke kusa da katin cefane ba ya kai wata huɗu. A kuma duba farashin canji. Tunda dala 3.75 ce, idan aka canza maka a 3.79 an ci fiye da kashi 1 a ɓoye, ko da an rubuta cewa turawa kyauta ce. Ka raba riyal ɗin da ya fita da dalar da ta isa, za ka ga gaskiyar farashin.

Dokokin dakatawa

Dakatawa tana nufin daina sabon saye. Ba ta nufin sayar da abin da aka riga aka saya. A rubuta wannan a saman takarda, domin a ranar tashin hankali abubuwan biyu suna kama da juna.

Dalilan dakatawa duk daga rayuwarka suke fitowa, kuma kowanne yana da lamba da za a iya dubawa ba tare da dogon tunani ba.

Na farko, albashi ya yi jinkirin kwana 30. Jinkirin mako guda ba komai ba ne. Amma kamfanin da ya tsallake wata guda yana iya tsallake uku, kuma alamu sukan riga zuwa: an daina biyan kuɗin ƙarin lokaci, masu kawo kaya suna zarya a ofis, ana biyan rabi a ce saura na zuwa. Daga ranar, 750 ɗin ta koma kan kuɗin ko-ta-kwana.

Na biyu, igama ta rage kwana 90 kuma kafili bai ce komai ba game da sabuntawa, ko an ba ka takardar ƙarshen kwangila, ko kana tsakiyar sauya kafili. Wata uku na tara kuɗi a hannu, 2,250 a misalinmu, ƙari ne mai amfani idan abu ya ɓaci, kuma idan bai ɓaci ba abin da ka rasa a kasuwa kaɗan ne.

Na uku, kuɗin ko-ta-kwana ya sauka ƙasa da na wata huɗu. A misalinmu layin 12,800 ne, ban da tikiti. An yi rashin lafiya a gida, an tura 8,000, ajiyar wata shida ta koma 11,200: saye ya tsaya, rarar albashi duka ta koma cike gurbin. Idan ana tsakiyar rabon dunƙule ne, a ɗebi abin cikewa daga kason da ba a zuba ba tukuna, wannan ma yana cikin amfanin rabawa.

Na huɗu, bashi. Wanda ya ci bashin katin banki ko ya karɓi rance don ya aika gida, ba shi da hujjar sayen hannun jari a watan. Abin da bashin kati ke ci a shekara ya fi abin da kasuwa ke bayarwa a matsakaici. A Saudiyya kuma bashin da ya kai kotu yana iya jawo a hana mutum fita ƙasar.

Na biyar, an sa ranar komawa gida ko ranar wata babbar hidima cikin shekara uku. Daga nan sabon kuɗi ya daina shiga hannun jari, ya taru a riyal ko dala don wannan buƙata.

Abin da ba dalili ba ne kuwa: kasuwa ta faɗi, an ce yaƙi zai ɓarke, wani a majalisa ya ce komai zai rushe. Wannan shi ne wurin da tsarin ke karyewa a hannun mutane. A lissafin da ya gabata, mafi yawan ribar mai rabawa daga watannin 80 ta fito. Wanda ya tsaya a 90 ya dawo a 100 ya biya kuɗin rabawa bai ci amfaninta ba. A 2020 S&P 500 ya zube da kusan kashi 34 cikin ɗari tsakanin 19 ga Fabrairu da 23 ga Maris, zuwa Agusta kuma ya wuce inda yake da farko. Wanda ya jira labari ya yi daɗi, farashi ya riga shi.

Amma wannan shekarar ta nuna ɗaya gefen ma. A daidai makonnin aka dakatar da Umara, aka rufe jiragen ƙasa da ƙasa, otal-otal na Makka da Madina suka zama fayau, albashin ma'aikata da yawa ya tsaya ko aka rage shi. Ma'aikacin otal da albashinsa ya tsaya a Afrilu 2020 ya dakata, kuma ya yi daidai, domin dokar farko ce ta kama shi. Ma'aikacin asibiti da albashinsa ke shigowa bai da dalilin dakatawa, ko da su biyun labari ɗaya suke karantawa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: wani abu ya canza a albashina, igamata, ajiyata ko bashina? In babu, ka saya ranar da ka rubuta.

Tashi da faɗuwar naira ma ba dalili ba ne. Dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma kafin Yuni 2023, ta haura 1,400 a farkon 2024, naira ta ɗan farfaɗo a Afrilun shekarar sannan ta sake sauka. Wanda ya dakatar da jarinsa ya kwashe kuɗi ya canza don ya ga farashi ya yi kyau, caca ya shiga. Abin gida a aika a kan lokaci, ajiya mai tsawo ta zauna a dala har ranar da za a kashe ta a naira. Ga ɗan Nijar, sefa tana ɗaure da yuro a kan 655.957, don haka motsin da ya shafe shi na dala da yuro ne, kuma bai kai na naira tsanani ba.

Dokar komawa

Dakatawar da ba a rubuta mata ranar ƙarewa ba takan zama dainawa. Sharaɗin komawa uku ne, kuma sai sun cika tare: albashi biyu a jere sun shigo cikakku a kan lokaci, igama tana da fiye da wata shida, kuɗin ko-ta-kwana ya koma na wata shida. Ranar saye ta farko bayan haka, a saya, ba tare da duba ko farashi ya hau ba.

Kuɗin da ya taru lokacin dakatawa, in ya wuce abin da ajiyar ko-ta-kwana ke buƙata, a bi da shi ta ma'aunin mataki na huɗu. Tarin wata uku ko huɗu bai kai na shekara ba, a zuba shi sau ɗaya. Idan dakatawa ta kai wata shida saboda ajiyar ta ƙi cika, matsalar ba ta ɗan lokaci ba ce: 750 ta yi yawa. A sauke ta zuwa 400 ko 500 da za a iya riƙewa, a faɗaɗa tazarar saye don kuɗin dillali ya tsaya a kashi 1.

Zakka tana da nata gurbi a wannan lissafi. Idan dukiya ta kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, shekara kuma ta zagayo, kashi 2.5 cikin ɗari ne. Malamai sun bambanta a kan yadda ake lissafa hannun jarin da aka riƙe don dogon lokaci, sai mutum ya bi fatawar malaminsa. Ta fuskar tsari dai, a tanadi kuɗinta daga rarar 550, kada a sayar da kaso don biyanta.

Haƙƙin ƙarshen aiki

Wannan shi ne dunƙulen da ya fi yawan zuwa hannun ma'aikaci, kuma shi ne wanda bai kamata a zuba gaba ɗaya ba. Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ba ma'aikacin kamfani rabin albashin wata a kan kowace shekara ta biyar ɗin farko, da cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, bisa albashi na ƙarshe. Mutuminmu in ya yi shekara bakwai: 2,250 sau biyar, 11,250, da 4,500 sau biyu, 9,000, jimla 20,250. Idan shi ya ajiye aikin da kansa, tsakanin shekara biyar da goma kashi biyu cikin uku ake ba shi, 13,500. Tsakanin shekara biyu da biyar kashi ɗaya cikin uku ne. Masu aikin gida da direbobin gida suna ƙarƙashin wani tsari dabam, wannan lissafi bai hau kansu ba.

Kada a sa wannan kuɗi cikin lissafin ko-ta-kwana tun bai zo ba, domin kamfanin da ya kasa biyan albashi da wuya ya biya shi a kan lokaci. Idan kuma ya zo, yana zuwa ne ranar da albashi ya ƙare, wato dokar dakatawa ta biyu ta riga ta kama. Idan sauya kamfani ne a cikin Saudiyya, a riƙe shi har albashi biyu su shigo a sabon wuri, sannan a auna shi da ma'aunin shekara guda. Idan fita ce ta ƙarshe, bizar tana ba da har zuwa kwana 60, kuma cikin kwanakin ne za a kwashe abin da ke banki zuwa asusun dala da sunanka, a sauya adireshi da lambar waya a wurin dillali, a sauke takardun duk sayayyar da aka yi. A gida, kuɗin ko-ta-kwana ya tashi daga wata shida zuwa goma sha biyu, domin sabuwar sana'a ba ta fara ciyar da gida a watan farko. Abin da ya saura bayan haka ne kaɗai zai shiga kasuwa, a rabe, kuma sai kuɗi ya fara shigowa a kai a kai wata uku a jere.